Ƙona shara a tsakar gida: Abin da iyali ke shaƙa, da yadda za a rabu da bola ba tare da ashana ba

A unguwanni da dama na Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi, ba sai an duba agogo ba ake sanin yamma ta yi a lokacin hunturu. Hayaƙi ne ke fara tashi daga bayan katangu. An share tsakar gida, an tara sharar a lungu, an cinna mata wuta, kowa ya koma harkarsa.

Masu yin haka ba ƙazamai ba ne. Yawancinsu tsafta suke nema. Motar kwashe shara ba ta shigowa lungun, bolar unguwa ta yi nisa ko ta cika ta tumbatsa, kuma ba wanda ke son ɓeraye da ƙudaje su mayar da gidansa masauki. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar kan shara a 2018 ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 ne kawai na sharar ƙasashen Afirka kudu da Sahara ake kwashewa. Sauran tana hannun masu gida, kowa da dabararsa.

Sai dai sharar da ake ƙonawa yau ba irin wadda kakanninmu suka ƙona ba ce. Tasu ganye ce da kara da ɓawon gyaɗa. Ta yau akwai leda, da ledar fiya wata, da famfas, da tsinkakken silifas, da mataccen batir, da wayar caja. Wannan gaurayen, haɗe da irin wutar da ake yi masa, shi ne tushen cutarwar. Kuma idan aka warware tarin aka duba abin da ke ciki, za a ga mafi yawansa ba ya buƙatar wuta tun asali.

Me ya sa wutar bola ta fi sauran wuta hayaƙi?

Wuta mai kyau tana buƙatar busasshen makamashi da isasshiyar iska. Shi ya sa murhun gas ke ci da shuɗin harshe, babu hayaƙi. Tarin shara kuwa akasin haka ne. A cikinsa akwai ragowar tuwo da ɓawon kankana masu ruwa, akwai ƙasar da tsintsiya ta kwaso, sannan leda tana narkewa ta lulluɓe komai ta toshe hanyar iska. Sai wutar ta yi balbal na 'yan mintuna, daga nan ta koma ci ta ciki, tana turnuƙe hayaƙi har tsakar dare, wani lokacin har asuba.

Wannan matakin na turnuƙewa shi ne mafi muni. Injinan ƙona shara na zamani ana tafiyar da su a zafin da ya haura digiri 850 a ma'aunin Salshiyas, domin a irin wannan zafin ne gubar da ke cikin hayaƙi ke wargajewa, sannan kuma ana tace abin da ya rage kafin ya fita. Tarin sharar tsakar gida ba ya riƙe zafi kusa da haka. Abin da bai ƙone ƙurmus ba sai ya tashi a matsayin baƙin hayaƙi, ba tare da doguwar bututu ko matata ba, daidai tsayin hancin mutum.

Wani bincike da masana na hukumar kare muhalli ta Amurka suka wallafa a shekarar 2000 ya gwada ƙona sharar gida a cikin duro. Sun gano cewa gidaje ƙalilan, tsakanin 2 zuwa 40, masu ƙona shararsu kullum, za su iya fitar da gubar dayoksin daidai da ta injin zamani mai ƙona tan 200 na shara a rana. Ke nan ƙanƙantar wuta ba ta nufin ƙanƙantar guba.

Lokacin da aka fi yin ƙonawar ma yana ƙara dagula lamarin. Da yamma da kuma sassafe a hunturu, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, don haka ba ta tashi. Hayaƙi sai ya kwanta kamar bargo. Katangar gida ta tare shi, ya bi ta ƙofa da taga ya shiga ɗaki, a rufe ɗakin saboda sanyi, a kwana da shi. Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta cika iska tun daga watan Nuwamba.

Abin da ke shiga ƙirji

Babban abin da ke cikin kowane hayaƙin shara shi ne ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani. Masu duba yanayin iska a manhajar waya za su ga an rubuta PM2.5, to su ake nufi. Kaurin silin gashin mutum ya ninka mafi girmansu kusan sau 30. Ƙura mai kauri gashin hanci da majina na tare ta, amma waɗannan suna wucewa har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarsu kuma su ratsa cikin jini.

A ranar da aka shaƙa, abin da ake gani shi ne jan ido, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari da ciwon kai. Mai asma na iya samun tashin ciwonsa cikin mintuna. Idan shaƙar ta zama ta kullum, shekara da shekaru, Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta irin wannan ɓurɓushi da ciwon huhu mai daɗewa, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da sankarar huhu. Ga mai juna biyu kuma, yana ƙara yiwuwar haihuwar jariri marar nauyi.

Akwai kuma iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki. Wuta mai ci ta ciki tana fitar da ita sosai. A fili iska na tarwatsa ta, amma idan tarin yana jikin taga, ko a zaure, ko a wani lungu mai rufi, tana iya taruwa. Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan an kwana da hayaƙi, a fitar da kowa iska nan take, a nufi asibiti.

Yara ne suka fi ɗaukar kaso mai yawa. Baligi na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri kuwa yana ninka haka, kuma huhunsa bai gama ginuwa ba. Sannan yara da mata da tsofaffi su ne ke wuni a tsakar gida, sau da yawa ma yaro ake aika ya cinna wutar, ya tsaya yana tona ta da kara. Hayaƙi na raunana garkuwar hanyoyin numfashi, ya sauƙaƙa wa ƙwayoyin cutar nimoniya kama yaro.

Akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi da agogon waya idan yaro na tari. A jira ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya. Bisa ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Idan ya kai haka, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko ya kasa shan nono, ko leɓensa ya sauya launi, to ba a jiran gari ya waye.

Gubar da ke saura bayan wuta ta mutu

Mutane da yawa na ganin da hayaƙi ya washe magana ta ƙare. Amma akwai ɓangaren da ke zama a toka da ƙasa, kuma ta ciki yake shiga jiki, ba ta hanci ba.

Dayoksin rukunin sinadarai ne da ba wanda ke ƙera su da gangan. Suna haɗuwa ne idan aka ƙona abu mai sinadarin kulorin a wuta marar ƙarfi. Babbar hanyar kulorin a sharar gida ita ce robar da ake buga wa tambarin PVC, ko lamba 3 a cikin alama mai kusurwa uku. Da ita ake yin fayif ɗin ruwa, da rigar wayar lantarki, da ledar shimfiɗa ta ɗaki, da wasu takalman roba. Fiye da rabin nauyin wannan roba kulorin ne. Gishirin da ke cikin ragowar abinci ma na bayar da nasa, jan ƙarfen da ke cikin waya kuma yana hanzarta haɗuwar gubar. Shi ya sa gaurayen shara ya fi kowane ɓangarensa shi kaɗai haɗari.

Tun 1997 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya mafi dafin dayoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Yana kuma taɓa garkuwar jiki, da haihuwa, da girman ɗan tayi. Ruwa ba ya wanke shi, a cikin kitse yake maƙalewa, kuma jiki na ɗaukar shekara 7 zuwa 11 kafin ya rage rabin abin da ya shiga. Hukumar ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutane ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi.

A nan ne kajin gida suka shigo. Kaza na son wurin da aka ƙona shara: tana tona tokar, tana tsattsagar ƙwari, tana birgima a ciki. Abin da ta haɗiya yana taruwa a kitsenta da gwaiduwar ƙwanta. A 2019 ƙungiyar IPEN da abokan aikinta sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie da ke birnin Accra, inda ake ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe. Sun gano cewa baligin da ya ci ƙwai ɗaya ya zarce iyakar dayoksin da hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta amince da ita a rana har sau 220. Tsakar gida ba ta kai Agbogbloshie gurɓata ba, ko kusa. Amma hanyar ɗaya ce: daga wuta zuwa toka, daga toka zuwa kaza, daga kaza zuwa kwanon yara.

Dalma ita ce ta biyu. Wuta ba ta lalata ƙarfe, sai dai ta fasa abin da ke riƙe da shi ta watsa shi cikin toka. Fitilu da fankoki masu caji da yawa suna ɗauke da ƙaramin batir mai dalma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Arewa ta san abin da dalma a ƙurar tsakar gida ke yi: a Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu bayan an riƙa niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Wancan ya fi na bola yawa nesa ba kusa ba, amma likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadin dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Kaɗan ɗin ba ya nuna alama, sai dai ya rage kaifin fahimta a hankali.

Saboda haka tokar bola ba tokar murhu ba ce. Tokar itace zalla tana da amfani a gona. Tokar gaurayen shara kuwa bai kamata a zuba ta a gindin zogale ko a fangalin alayyafo ba.

Abubuwan da ba a kusantar da su wuta

Ko da gida bai shirya daina ƙonawa gaba ɗaya ba, akwai abubuwan da cire su daga tarin ke rage haɗari sosai. Na farko duk wani abu na PVC, domin ban da dayoksin, yana fitar da iska mai yaji da ke zama ruwan guba mai ƙuna idan ta taɓa danshin ido da maƙogwaro. Na biyu soson katifa da na kujera, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da sayanayid. Na uku batir kowane iri, da tsohuwar waya, da caja, da ƙwan fitila. Batirin waya yana iya fashewa ya yi tsalle da wuta.

Sai gwangwanin feshi, na maganin sauro ko na turare. Ko ya ƙare akwai sauran iska a matse a ciki, kuma zafi na sa ya tarwatse kamar harsashi. Haka kwalaben maganin ƙwari na gona, da ragowar magungunan asibiti, da taya, da katako mai fenti.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi ƙona bola kusanci da hanci, wato hura gawayi da leda. Mai girki na sunkuye a kan murhu tana fifita, leda na narkewa tana ɗiga, hayaƙin na dukan fuskarta, ga jariri a goye. Busasshen kara ko 'yan ƙirare ko guntun kwali suna yin aikin ba tare da wannan ba.

Masu ƙona shara don korar sauro kuma, hayaƙin na korarsa ne na ɗan lokaci. Da ya lafa sauro ya dawo, kuma sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro cikin dare ya fi cizo, lokacin da kowa ke barci. An gudu gara an faɗa gidan zago. Gidan sauro mai magani shi ke aiki har asuba.

Gida mai mutum 10: lissafin sharar mako ɗaya

Mu ɗauki gida mai mutum 10, da tsakar gida ta ƙasa, da bishiyar darbejiya, da kaji da akuya biyu. Rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a yankinmu kowane mutum na samar da shara kilo 0.46 a rana. Wannan gida ke nan zai tara kusan kilo 32 a mako. A lissafin rahoton, kashi 43 cikin 100 na sharar yankin ragowar abinci ne da ganye, roba da leda kuma ba su kai kashi 10 ba. A wannan gida, abin da ke ruɓewa zai kai wajen kilo 14, roba da leda wajen kilo 3. Sauran kuwa takarda ne da kwali da gwangwani da kwalba da tsumma, sai kaso mai nauyi na ƙasa da tokar murhu da tsintsiya ke kwasowa.

Leda ba ta da nauyi amma tana da cika ido, shi ya sa tarin ke kama da duk leda ne. Aikin da ke gaban gidan shi ne kada waɗannan abubuwa su haɗu tun farko. Tsince leda daga jiƙaƙƙen tuwo aiki ne da ba wanda zai jure. Raba su a lokacin zubarwa kuwa ba ya cin minti ɗaya. Abin da ake buƙata bokiti ɗaya mai murfi, da buhu biyu, da tsohon galan.

Bokitin na kusa da madafa, na abin da ke ruɓewa ne. Ɓawon dankali da ganyen kabeji da dusa su tafi wurin akuya, amma a tabbatar babu leda a ciki, domin ledar da dabba ta haɗiye tana cunkushe tumbinta, ta rame har ta mutu. Abin da dabba ba ta ci ya tafi ramin taki.

Buhu na farko na abin sayarwa ne: gwangwani, guntun ƙarfe, tsohuwar tukunyar alminiyam, fasasshen bokiti, gorar ruwa da kwali. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola na zagayawa suna saye ko musanyawa, kuma a manyan garuruwa irin su Kano akwai masu sayen ledar fiya wata a kan sikeli suna kai wa masana'antun da ke narka ta. Sharaɗinsu ɗaya ne, ta zama busasshiya marar ƙazanta. Kuɗin ba yawa, amma ya isa ya sa yaran gida su riƙa tsincewa da kansu.

Galan ɗin na abubuwa masu haɗari ne, batura da ƙwan fitila da makamantansu. A rufe shi a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da rana da murhu. Batir mai dalma yana da masu saye, a ba su shi yadda yake, kada a fasa shi a gida.

Ƙasa da tokar itace kuwa ba shara ba ce. A cike kwari da su, ko a barbaɗa kaɗan a ramin taki.

Yadda ake ramin taki, da yadda ake gane ya ɓaci

A haƙa rami biyu kusa da juna a inuwa, nesa da rijiya, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin kamar rabin mita. A shimfiɗa kara ko ƙirare a ƙasa don iska ta samu hanya. Duk lokacin da aka juye bokitin madafa, a rufe shi da busasshen ganye ninki biyu zuwa uku na abin da aka zuba. Ganyen darbejiyar da ake ƙonawa kullum a nan yake da amfani. Idan akwai kashin kaji ko na awaki a watsa, domin yana hanzarta ruɓewa. Kada a saka nama, ko ƙashi, ko mai, ko kashin mutum.

A yankinmu bushewa ce babbar matsala. A damƙi takin a hannu a matse. Idan ya dunƙule da danshi kamar tsumman da aka matse, daidai ne. Idan ya wargaje kamar gari, a yayyafa ruwa, ko da na wankin shinkafa ne. Idan ruwa na tsiyaya ta tsakanin yatsu, ya yi yawa.

A soka sanda a tsakiya a bar ta. Bayan 'yan kwanaki idan aka zaro aka ji ta da ɗumi, aiki na tafiya. Idan ta fito da sanyi ga tururuwa ko gara sun cika wurin, ramin ya bushe. Idan wari mai tsami ko na ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, ruwa ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai a juya a ƙara busasshen ganye. Ƙudaje da ɓeraye kuma alama ce ta an bar abinci a buɗe, maganinsu rufewa da ganye da 'yar ƙasa.

A riƙa juyawa da shebur duk mako biyu. Idan ramin farko ya cika a rufe shi da tsohuwar tabarma a koma na biyu. Cikin wata 2 zuwa 3 takin zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa. Da damina a yi masa rufi, ko a tara shi a kan tudu maimakon rami, don kada ruwa ya kwanta.

Wanda ke gidan haya mai daɓen siminti zai iya yin haka a tsohon duro da aka huda wa ramuka a gefe da ƙasa. Wanda ba ya shuka kuma ba zai rasa mai karɓa ba. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar sharar birni zuwa gonakinsu a matsayin taki, kuma abin da ke ɓata musu ita shi ne leda da fasassun kwalabe.

Ragowar da ba ta da mai saye

Bayan duk wannan, buhu na biyu ne ya rage: ledar biskit da ta taliya mai ƙyalli, baƙar leda mai maiƙo, famfas, audugar mata da tsummokara. A gidan da muka ɗauka, wannan 'yan kilo ne a mako maimakon 32, kuma da yake babu jiƙaƙƙen abinci a ciki, zai iya jiran kwanaki ba tare da ya addabi kowa ba. Famfas ne kaɗai ke buƙatar kulawa: a juye kashin a masai, a naɗe a ɗaure shi a leda. Kada a jefa shi kansa cikin masai, yana cika rami ya hana kwashewa. A wuta kuma ba ya ci, domin a jiƙe yake, turnuƙewa kawai yake yi.

A birni, wannan buhun ne ake bai wa mai kura ko mai baro, ko a kai wurin tara shara da hukuma ta ware, kamar na REMASAB a Kano ko AEPB a Abuja. A tambayi mai kurar inda yake zubarwa. Idan kwata ko kangon bayan layi yake kaiwa a cinna wuta, hayaƙin gida zai dawo. Gidaje goma da suka haɗa kuɗi suka ɗauki mutum ɗaya sun fi iya sa masa sharaɗi, kuma ta hannun mai unguwa ko kwamitin masallaci irin wannan shiri ya fi ɗorewa. Dama hayaƙi bai san katanga ba, gidan da ya daina ƙonawa zai ci gaba da shaƙar na maƙwabci. Doka ma na bayan mai ƙorafi, domin ƙa'idojin hukumar NESREA na 2011 sun hana ƙone-ƙone a sarari ba tare da izini ba, ko da yake ba kasafai ake aiwatar da su a unguwanni ba.

A ƙauyen da babu mai kwashewa, binnewa ta fi ƙonawa. A haƙa rami aƙalla mita 30 daga rijiya, a wurin da ruwa ba ya kwanciya, a riƙa rufe kowane zubi da ƙasa. Leda ba za ta ruɓe a can ba, don haka wannan rage asara ne kawai. Abin da ke rage ramin cika shi ne rage ledar da ke shigowa: jaka zuwa kasuwa, kwano zuwa wurin mai ƙosai ko mai niƙa.

Idan ganye ya yi yawa har ya fi ƙarfin rami kuma dole sai an ƙona, to ya zama ganye da kara da takarda zalla, busassu sarai. A yi shi da rana tsaka lokacin da hayaƙi ke tashi sama, kaɗan-kaɗan don wutar ta ci da harshe, nesa da ɗaki da danga da tukunyar gas. Kada a zuba fetur. Yara da mai ciki da mai asma su yi nisa, babba ya tsaya har ƙarshe, sannan a kashe da ruwa. Toka na riƙe garwashi a ciki sa'o'i bayan samanta ya huce, kuma ƙafar yaro ce ta fi faɗawa. Idan hakan ta faru, a zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar na minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai, a rufe da ƙyalle mai tsafta a tafi asibiti.

Shi kuma lungun da aka shekara ana ƙona bola a cikinsa, yana buƙatar gyara tun kafin a haƙa ramin taki. A yayyafa masa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare tokar da saman ƙasar da ta yi baƙi, a zuba a buhu a fitar tare da ragowar shara, ko a binne da zurfi nesa da rijiya da wurin shuka. Sannan a rufe wurin da sabon yashi mai kauri. Kafin a gama wannan aikin, a killace kaji daga wurin, kuma kada a shimfiɗa wa yaro tabarma a kusa.